Kibiyar da na goge a da'ira mai zagaye biyu

Ƙannena masu karatun kimiyyar lantarki, a kan da'ira mai batir biyu na fara cin sifili a jarrabawa, kuma ba don ban haddace dokokin ba. Na haddace su tsaf. Dokar mahaɗa ta ce duk karant ɗin da ya shiga mahaɗa dole ya fita, ba ya taruwa a wurin. Dokar zagaye ta ce in ka bi hanya rufaffiya ka dawo inda ka tashi, hawa da saukar boltej duk sun soke juna, jimilla sifili. Gustav Kirchhoff ya fito da su a 1845 yana ɗalibi. Abin da ya kayar da ni alamar ragi ce, wadda na ɗauka abin kunya ce a cikin amsa.

Ku ɗauki biro ku zana tare da ni. Mahaɗa biyu ne, A a sama, B a ƙasa, kuma rassa uku ne suka haɗa su. Reshen hagu yana da batir mai bolt 12 da rizisto mai om 2. Reshen dama yana da batir mai bolt 5 da rizisto mai om 3. Na tsakiya rizisto ne kawai mai om 8. Batiran biyu duk fosatif ɗinsu yana kallon A.

A kallon farko, wayo na so in yi. Na haɗa om 2 da om 8 na ce om 10 ne a jere, na raba 12 da 10, na sami amfiya 1.2. Wannan shirme ne, domin akwai mahaɗa a tsakaninsu. Rizisto biyu ba sa zama a jere sai in duk abin da ya ratsa ɗaya shi ne ya ratsa ɗayan, a nan kuwa karant yana da wata hanyar bi a A. Kowane reshe da nasa karant, shi ya sa muke neman abu uku.

Sai kibiyoyi masu nuna inda karant ya nufa. Na sa I₁ yana hawa reshen hagu zuwa A, I₂ yana hawa reshen dama zuwa A, I₃ yana sauka ta tsakiya zuwa B. Zato ne kurum, ba wanda ya ce sai ka cinka daidai. A mahaɗar A:

I₁ + I₂ = I₃

Kada ku wahalar da kanku da B. Ta ba ku wannan layin ne sak, an juya shi kawai.

Yanzu zagayen hagu. Ka tashi daga B, ka hau ta batir daga negatif zuwa fosatif, wannan hawa ne, ka rubuta ƙarin 12. Ka ratsa om 2 kana bin kibiyarsa, wannan sauka ce. Ka gangaro ta om 8 kana bin kibiyar I₃, sauka ce kuma. Na dama ma haka, daga B ta batir mai bolt 5:

12 − 2I₁ − 8I₃ = 0
5 − 3I₂ − 8I₃ = 0

A nan akwai abin da na daɗe ina cakuɗawa. Alamar rizisto tana bin kibiya: ka bi ta, ragi, ka yi gaba da ita, ƙari. Batir kuwa ba ruwansa da kibiya. Ta gefen da ka shiga da gefen da ka fita kawai ake duba shi. Na sha ba batir ragi don na ga kibiyar karant ta saɓa masa, alhali ni daga negatif nake ratsa shi zuwa fosatif.

Ka cire I₃ ka sa I₁ + I₂ a madadinsa, sai layukan su koma:

10I₁ + 8I₂ = 12
8I₁ + 11I₂ = 5

Ninka na sama da 4, na ƙasa da 5, ka sami 40I₁ a duka biyun. Na sama ya zama 40I₁ + 32I₂ = 48, na ƙasa 40I₁ + 55I₂ = 25. Debe na sama daga na ƙasa, ya rage 23I₂ = −23. Ke nan I₂ = −1, daga nan I₁ = 2.

Har nan ban yi kuskure ba a takardar. Amma da na ga −1 sai gabana ya faɗi. Na ce ai karant ba ya zama ƙasa da sifili. Na goge alamar, na goge kibiyar reshen dama na juya ta, na bar layin mahaɗa yadda yake. Na tara 2 da 1, na rubuta I₃ amfiya 3 ne, na ja layi biyu a ƙasa da ƙwarin gwiwa.

Da na tsaya minti ɗaya da na gane. Amfiya 3 a cikin om 8 bolt 24 ke nan, a da'irar da babban batirinta 12 ne, kuma batiran ba a jere suke ba balle a ce sun haɗa ƙarfi. Ina bolt 24 zai fito? Amsar gaskiya I₃ = 2 + (−1) = 1. Alamar ragin labari take ba ni: karant ɗin reshen dama amfiya 1 ne, sai dai saukowa yake daga A, ba hawa ba kamar yadda na zata. Dalilin a fili yake. Tsakanin A da B akwai bolt 8, wato amfiya 1 sau om 8, kuma 8 ya fi 5. Babban batir ya rinjayi ƙaramin yana tura masa karant ta fosatif, irin abin da ke faruwa in ana cajin batir. Saboda haka ku bar kibiya inda kuka sa ta, ku ɗauki lambar da alamarta ku kai ta har ƙarshen lissafi. In an gama, sai ku faɗa da baki ina karant ya nufa.

Wani lokacin kuma na taɓa tsallake dokar mahaɗa gaba ɗaya. Na ga ai zagaye uku ne in an haɗa da babban na waje, abin nema ma uku, shi ke nan. Na cika shafi guda ina maye wannan da wancan, ƙarshe na tashi da 0 = 0. Zagayen waje ba ya kawo sabon bayani, shi ne na hagu aka debe masa na dama. Layi biyu ne daga zagaye, ɗaya daga mahaɗa.

Amma zagayen waje yana da amfaninsa wajen duba aiki. Daga B ka hau 12, ka sauka 4 a kan om 2, kana kan 8 a A. Ka gangara ta reshen dama tare da karant na gaskiya, ka sauka 3 a kan om 3, ka sauka 5 a batir domin daga fosatif ka shiga. Ka dawo sifili. Sai dai ku lura, wannan binciken ba ya taɓa I₃, don haka ba zai kama amfiya 3 ɗina ba.

Wanda zai kama shi lissafin wat ne, kuma shi na fi yarda da shi yanzu. Babban batir yana ba da 12 sau 2, wat 24. Rizisto kowanne yana cin I²R: om 2 ya ci wat 8, om 3 ya ci wat 3, om 8 ya ci wat 8. Jimilla 19. Saura 5, su ne suke shiga ƙaramin batir, bolt 5 sau amfiya 1. Da amsata ta ranar jarrabawa, om 8 shi kaɗai sai ya ci wat 72, ninki uku na duk abin da babban batir yake bayarwa.