Idan Kalmomi da Alƙaluma Suka Saɓa a Yarjejeniyar Bashi

Lauyoyi kan rubuta adadin bashi sau biyu, da alƙaluma da kuma kalmomi, don ɗaya ya tsare ɗaya. Ranar da suka saɓa, mai duba rubutu ne yakan fara gani, kuma a nan ne hannunsa ke ƙaiƙayin gyarawa. Abin da aikin ke koya wa mutum shi ne ya riƙe hannun nan.

Ga misali. Sakin layi na biyu ya ce an ba da bashin 1,250,000, amma a cikin baka an rubuta "miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da biyar", wato 1,205,000. Bambancin 45,000 ne. Sabon shiga zai ce ai an san ƙa'ida, kalmomi ne ke rinjaye, sai ya mayar da alƙaluman 1,205,000 ya wuce. Ƙa'idar tana nan kuwa. Dokar Birtaniya ta 1882 kan takardun biyan kuɗi, sashe na 9, ta ce adadin da ke cikin kalmomi shi ake biya, haka ma yarjejeniyar Geneva ta 1930. Sai dai waɗannan dokoki an yi su ne don takardu irin su cak da takardar alkawarin biya. Yarjejeniyar bashi mai shafuka da yawa kotu takan karanta ta gaba ɗaya, ta nemi abin da ɓangarorin biyu suka nufa. Ban da haka, ƙa'idar ta raba gardama ce bayan an sa hannu. Ba ta gaya maka nawa aka yi ciniki a kai ba.

Don haka aikin mai duba rubutu shi ne tattara shaida daga cikin takardar kanta. Ya fara da jadawalin biya. Idan an ce za a biya uwar kuɗi kashi goma, kowane kashi 125,000, jimla ta ba da 1,250,000. Sai ya duba kuɗin ruwa: kashi 12 cikin ɗari na shekara guda a kan 1,250,000 shi ne 150,000, a kan 1,205,000 kuwa 144,600. Wanda ya gani a jadawalin ya nuna adadin da aka yi lissafi da shi. Bambancin ma yana magana: 45,000 tana rabuwa da tara ba saura, kuma haka yake faruwa duk lokacin da lambobi biyu suka yi musayar wuri, kamar 50 da 05. Mai yiwuwa wani ya karanta alƙaluman a juye sannan ya rubuta su da kalmomi. Alama ce kawai, amma tana da amfani a rahoto.

Daga nan sai ya bi duk inda adadin ya sake fitowa: shafin farko, sashen ma'anar kalmomi, takardar jingina, takardar mai tsaya wa, da wasiƙar tayin bashi idan an haɗo ta. Sau da yawa kuskuren yakan samo asali ne daga tsohuwar yarjejeniya da aka kwafa, aka canza alƙaluma aka manta da kalmomi. Idan haka ne, da wuya a same shi wuri ɗaya kaɗai, har wa'adin biya da kason ruwa sukan kamu.

Ko da duk shaidar ta karkata gefe guda, ba zai taɓa adadin ba. Zai ja layi ƙarƙashin duka biyun, ya rubuta tambaya ga lauyan da ya tsara takardar, a fili: "Sakin layi na 2: alƙaluma 1,250,000, kalmomi 1,205,000. Jadawalin biya da kuɗin ruwa sun dace da 1,250,000. A tabbatar da wanda aka amince da shi kafin sa hannu." Kada tambayar ta ɓace cikin gyaran waƙafi da aya. A sa ta a saman rahoto, a nemi amsa a rubuce, domin amsar baka ba ta kare kowa in rigima ta taso. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne jadawalin ma yana iya zama tsoho: wataƙila an rage bashin a zaman ƙarshe, aka gyara kalmomi kaɗai.

Idan amsa ta zo kafin sa hannu, a gyara a sake buga shafin, sannan a sake karanta adadin a ko'ina, lamba bayan lamba. Idan dole a gyara da biro, a soke kuskuren da layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a sama, ɓangarorin biyu su sa hannu a gefe. Ba a shafa farin ruwan goge rubutu, ba a kankarewa.

In kuwa an riga an sa hannu, takardar ta fita daga hannun mai duba rubutu. Canza adadi a lokacin ba tare da yardar ɗaya ɓangaren ba na iya zama jabu a idon doka. Nasa shi ne ya sanar da lauya nan take, lauya ya shirya takardar gyara wadda mai ba da bashi da mai karɓa za su sa wa hannu, da mai tsaya wa idan adadin ya shafi alkawarinsa.