Jirin da ke zuwa idan an juya a kan gado: yadda nake gwada bututun kunne

Kafin in kwantar da mai jiri a kan gadon gwaji, sai na fara hasko abin da ke cikin kunnensa a raina. Kowane kunnen ciki yana da bututu uku masu lanƙwasa kamar rabin zobe: na kwance, na gaba da na baya, kowanne ya gitta wa ɗan'uwansa da kusan digiri 90. Cike suke da ruwa. A gindin kowanne akwai wani kumburi, cikinsa wani tattausan labule ya tare hanya, ana ce masa kufula, gasun ƙwayoyin ji kuma sun nutse a jikinsa. Idan kai ya juya, ƙashi ya tafi, ruwan sai ya ɗan yi nawa, ya danna labulen, gasun su rusuna. Ko mutum na zaune, jijiyar kowane kunne tana ta aika saƙo. Juyawa dama tana ƙara saƙon kunnen dama, ta rage na hagu. Wannan bambancin ƙwaƙwalwa ke karantawa, nan take ta ja idanu zuwa ɗaya ɓangaren don kada gani ya girgiza, ta kuma gyara tsayuwar wuya da jiki.

Nauyin kufula daidai yake da na ruwan da ke kewaye da ita, shi ya sa kwanciya ko sunkuyo kaɗai ba ya motsa ta, sai juyi. Matsala tana farawa ne idan 'yan tsakuwoyin kalsiyam da ke manne a wata jaka kusa da bututun suka ɓalle suka faɗa ciki, galibi cikin na baya domin shi ya fi gangarowa ƙasa. Su suna da nauyi. Mutum ya kwanta, kansa ya tsaya cak, amma tsakuwa na ci gaba da nitsewa tana jan ruwa, kunne ɗaya na cewa ana juyawa, ɗayan na cewa ƙarya ne.

Ga yadda nake yi idan ina zargin kunnen dama, da gwajin da likitoci biyu, Dix da Hallpike, suka bayyana a 1952. Nakan fara tambayar ciwon wuya, don mai matsalar ƙashin wuya ba a lanƙwasa shi haka. Yana zaune, in juya kansa digiri 45 zuwa dama, abin da ke daidaita bututun baya da hanyar kwanciyar. Sai in kwantar da shi rigingine da ɗan sauri, kai ya rataya kamar digiri 20 ƙasa da bakin gado, in ce, "Kada ka rufe ido, ko jirin ya zo." Sannan in jira. A nan aka fi yin kuskure: tsakuwar tana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ta motsa, wanda ya tayar da mara lafiya bayan daƙiƙa uku zai ce lafiya lau. Ni nakan ba shi akalla 30. In ciwon ne, ido zai fara fizga sama wajen goshi, samansa na murɗawa wajen kunnen da ke ƙasa, ya tsananta, ya lafa kafin minti ɗaya. In an maimaita, ƙarfinsa raguwa yake yi.

Daga nan ban tashe shi ba, sai in zarce da dabarar da likita Epley ya wallafa a 1992, wato a zagaya da tsakuwar har ta fita ta bakin bututun. In juya kan digiri 90 zuwa hagu, yana rataye yadda yake. Sai ya mirgina kan kafaɗar hagu, kan ya ƙara wasu 90, hanci na kallon ƙasa. Kowane matsayi daƙiƙa 30 ko har fizgar ta tsaya. A ƙarshe ya tashi zaune haɓa a sunkuye, hannuna na riƙe da shi, domin wasu a lokacin ne jirin ke kwasarsu. Abin da na ga ya fi ɓata aikin shi ne ɗagowar kai a juyi na farko: da zarar ya ɗago, tsakuwa ta koma inda ta fito. Wani lokaci kuma takan fita ta faɗa bututun kwance, sai fizgar ta koma gefe da gefe, jirin ya fi na da, a nan dabara daban ake yi.

Idan kuwa ido ya fara fizga ƙasa zalla ba jira, ya ƙi lafawa, ko ga ganin abu bibbiyu, harɗewar harshe ko kasa tsayuwa, ba na ci gaba da juya kai. Wannan a duba ƙwaƙwalwa ne, kuma da gaggawa.