Laraba: tabarau ɗin Alhaji

Ban daɗe da buɗe shagona na gyaran hoto ba wata Hajiya ta shigo da ɗanta, saurayi. Bayan gaisuwa ta kwance bakin mayafinta ta fito da tabarau mai baƙin firam, shi kuma yaron ya miƙo min waya. Hoton maigidanta ne, wanda Allah ya yi wa rasuwa bara. Shi kaɗai ne hotonsa mai kyau da suke da shi, an ɗauka ranar Sallah a bakin ƙofar falo, amma a lokacin ya cire tabarau. Ta ce, "Ɗana, duk wanda ya san Alhaji da wannan ya san shi. In na kalli hoton sai in ga kamar baƙo." So take a saka masa, a wanke babba, a rataye a ɗaki. Na karɓa. Da na fasfo ne ko katin shaida ba zan taɓa ba.

Na ji daɗi da ta kawo tabarau ɗin kansa. Wanda ake saukowa daga intanet kusan kullum daga gaba tsaf aka ɗauke shi, alhali Alhaji a hoton ya ɗan juya fuska, kuma mai ɗaukar ya ɗan fi shi tsawo. Sai na zaunar da yaron kusa da ƙofar shago, ya saka tabarau ɗin, na yi ta juya kansa har ya yi daidai da na mahaifinsa, haske yana zuwa daga sama ta hagun hoto. Na ɗauka, na yanke firam ɗin kaɗai da Pen Tool a Photoshop.

Girma ba na yinsa da ido. A cikin hannun tabarau akwai lambobi, nasa 52, 18, 140. Na farko faɗin gilashi ɗaya ne a milimita, na biyu faɗin gadar da ke haye hanci, na uku tsawon hannun. Ma'aunin da ke cikin hoton kuwa baƙin ido ne, domin a babban mutum faɗinsa kusan milimita 12 ne, bambancin da ke tsakanin mutane kaɗan ne. Na auna na Alhaji, fiksel 60. Ke nan kowace milimita fiksel 5 ce, gilashi ɗaya zai zama 260, gada 90. Na danna Ctrl+T na kawo shi nan, gefen da ya fi nisa da kyamara ya ɗan fi ƙuntata saboda juyin fuska.

Lissafin ya nuna wani abu kuma. Daga tsakiyar gilashi zuwa tsakiyar ɗaya milimita 70 ne, wato 52 da 18, amma tsakanin ƙwayoyin idonsa 63 na samu. Don haka idon ba zai zauna a tsakiyar gilashi cif ba, kowanne zai ɗan matso wajen hanci. Haka yake a fuskar mutane na gaske. Wanda bai sani ba sai ya matse firam har ido ya faɗa tsakiya, tabarau ya fito kamar na yaro. Gadar na ɗora ta a saman karan hanci inda ƙashi ya fara tudu, saman firam ya bi ƙarƙashin gira. Hannun da ake gani na kai shi saman kunne, na goge ƙarshensa da mask inda ya shige bayan kunnen.

A nan ne aiki ya fara, don har lokacin tabarau ɗin yawo yake a gaban fuska kamar sitika. Abin da ke zaunar da shi inuwa ce, kuma iri biyu ce. Ta farko tana inda roba ta taɓa fata, gefe biyu na hanci da saman kunne. Siririya ce, mai duhu, ba ta barin jikin firam. Na yi ta da ƙaramin buroshi a leya ta daban da ke kan Multiply. Launin ban ɗauki baƙi ba, na tsinto shi daga inuwar da ke ƙarƙashin hancinsa, ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja a ciki. Baƙi zalla a kan fata toka-toka yake fitowa, kamar datti.

Ta biyu ita ce wadda firam yake jefawa a fuska. Ɗigon hasken da ke cikin idonsa yana sama ta hagu, inuwar hanci ta faɗi ƙasa ta dama, to can wannan ma za ta bi. Ba na amfani da Drop Shadow a nan, domin shi tazara ɗaya yake bayarwa ko'ina, kamar fuska allo ce. Fuska kuwa tudu da kwari ce. Ƙasan firam yana kusa da kunci, na ƙiyasta milimita 5, kuma hasken da ke zuwa a karkace haka yana matsar da inuwa kusan gwargwadon tazarar, sai na matsar da ita fiksel 25. Wajen gefen fuska, inda fata ta lanƙwasa ta yi baya, inuwar ta ƙara nisa, ta ƙara laushi, ta ƙara dushewa. Na kwafi siffar firam, na lanƙwasa ta da Warp ta bi kumburin kunci, na sa Gaussian Blur kaɗan kusa da hanci, mai yawa wajen gefe.

Duk da haka wani wuri ya ƙi. Na daɗe ina kallo kafin in gane. Alhaji baƙi ne, kuncinsa yana sheƙi, kuma inuwata ta haye kan sheƙin ta bar shi yana leƙowa ta ƙarƙashi. Inda haske bai kai ba sheƙi ba ya wanzuwa. Sai na koma ƙarƙashin inuwar na shafe sheƙin da launin fatar da ke kusa. Nan take ta kwanta.

Gilashin ma yana da nasa. Na leƙa ta cikinsa na ga yana rage girman abu, na masu matsalar hangen nesa ne. Irin wannan yana ɗan ƙanƙanta ido, kuma gefen fuska da ake gani ta ciki yana shigowa, ba ya haɗuwa da layin waje. Na kwafi abin da ke cikin kowane gilashi na rage shi zuwa kashi 95. Na ƙara ɗan walƙiya a sama ta hagu a kan Screen, na sa Add Noise a firam don ya yi ɗigo-ɗigo irin na tsohon hoton, na juya hoton hagu zuwa dama don ido ya ga karkata in akwai.

Bayan la'asar suka dawo. Hajiya ta yi shiru tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a nata hancin, ƙasa da inda na sa gadar. "Nan yake barinsa. Kullum sai na ce ya gyara." Na ce, "To Hajiya, a ba ni zuwa gobe." Saukar da shi milimita 4 fiksel 20 ne kawai, amma saman firam zai kusanci ido, hannun zai ƙara tashi zuwa kunne, ƙasan firam zai kusa taɓa kunci, inuwar wajen ta gajarce ta ƙara kaifi. Na sake ta hanci da ta kuncin dama kafin magariba. Saura ta hagu, da safe in Allah ya kai mu.