Inda na kai da lissafin cefanen gida a Excel

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon na tattara kuɗin da gidanmu ya kashe a Agusta da Satumba da abin da Excel ke kira PivotTable, wato teburin da ke tattara jimilla rukuni-rukuni. Yawancin kwamfutocinmu nan Garwa da Faransanci suke, don haka sunayen da za ku gani a allo zan rubuta: a can sunansa Tableau croisé dynamique.

Aikin gaske yana kan jerin da za ka ba shi. Na yi ginshiƙai huɗu kawai: Rana, Abu, Rukuni, Kuɗi. Kowace sayayya layinta daban, ba layin da aka tsallake, ba jimilla a tsakiya. Sai na danna Ctrl+L jerin ya zama tebur, domin duk layin da aka ƙara daga baya ya shiga lissafi.

```
03/09/2024 | buhun masara   | Abinci    | 18000
05/09/2024 | littattafai    | Makaranta | 14500
05/09/2024 | kuɗin babur    | Sufuri    | 500
```

Daga nan Insertion, sai Tableau croisé dynamique. A hannun dama akwatuna huɗu za su fito. Na ja Rukuni zuwa Lignes, Kuɗi zuwa Valeurs, Rana zuwa Colonnes. Idan ranaku suka bazu ɗaya bayan ɗaya, danna ɗayarsu da maɓallin dama na linzami, zaɓi Grouper, ka ɗauki Mois da Années tare. Kada ka bar Années, in ba haka ba Satumbar bana da ta baɗi za su haɗu a ginshiƙi guda. In kuwa Excel ya ƙi haɗa su, nemi ranar da aka rubuta da kalmomi, irin "5 ga wata".

Kafin ka yarda da kowace jimilla, dubi abin da aka rubuta cikin Valeurs. Somme de Kuɗi ake so. In ka ga Nombre de Kuɗi, layuka yake ƙirgawa, kuma galibi wani ne ya rubuta 2500 F maimakon 2500, Excel ya ɗauke shi rubutu. Ana gane shi da ido: lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Abin da ya fi damuna a nan shi ne in ka mai da shi Somme ba tare da ka gyara layin ba, Excel zai tsallake wannan 2500 shiru, jimillar ta fito da giɓi. Haka ma Rukuni: "Abinci" da "Cefane" layi biyu ne a wurinsa. Na sa jerin zaɓi ta Données, Validation des données, Liste, yanzu ko ƙanwata ce ke shigar da cefane, zaɓa take yi.

To ga abin da ya fito. A Agusta mun kashe sefa 105000, abinci ya ci 60000. A Satumba, watan komawa makaranta, jimilla ta hau 155000: makaranta 48000, abinci 62000, haya 25000 kamar kullum, sauran wuta da ruwa da sufuri. Sai na danna dama kan lambobin, na zaɓi Afficher les valeurs, % du total de la colonne. Abinci ya sauka daga kashi 57 zuwa kashi 40. Wanda ya tsaya a nan zai ce an tsuke bakin aljihu wurin cefane, alhali jaka biyu aka ƙara. Kuɗin makaranta ne ya kumbura jimillar, rabon sauran ya ragu. Shi ya sa na ja Kuɗi cikin Valeurs sau biyu, ɗaya yana nuna sefa, ɗaya yana nuna kashi, kuma ina ba ku shawara ku yi haka.

Zanen bai ɗauki lokaci ba, sai dai akwai abin lura. Graphique croisé dynamique yana ɗaukar abin da ke Lignes ya jera a ƙasan zane, abin da ke Colonnes ya zama launuka. Tunda watanni nake so a ƙasa, na musanya su, na zaɓi Histogramme empilé. Sandar Satumba ta fi tsawo, launin makaranta ya fito sarai. Zanen faifai ban so shi ba a nan, don wata ɗaya kawai yake iya nunawa.

Na fara shigar da cefanen Oktoba. PivotTable ɗin ba ya sabunta kansa, sai ka danna dama a kansa ka zaɓi Actualiser, zanen ma ya bi. Abin da zan gwada gaba shi ne Segment, wato maɓallan tace bayanai, a kan Rukuni, in riƙa duba abinci shi kaɗai wata bayan wata.