Abin da aikin lissafi ya koya mini game da wasiƙar fita daga haɗin gwiwar kasuwanci

A aikina na riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin lissafi, na lura cewa yawancin wasiƙun da abokin haɗin gwiwa yake rubutawa idan zai janye suna ɗauke da buƙata guda, wato a mayar masa da jarinsa, kuma daga wannan buƙatar rigima take farawa. Mai fita yana tuna abin da ya zuba ranar da aka fara, alhali haƙƙinsa yana cikin abin da ya rage a ranar da zai fita, bayan an cire bashin da ake bin kasuwancin.

Akwai wasu abokai biyu da na yi wa lissafi, ɗaya ya zuba 600,000 ɗayan 400,000, suka amince su raba riba da asara gwargwadon jari, kashi 60 da kashi 40. Mai kashi 40 ya rubuta cewa zai fita, a ba shi 400,000 ɗinsa. Da aka rufe shago aka ƙirga, kayan da ke ƙasa sun kai 700,000 a farashin sari, kuɗin hannu da na banki 150,000, bashin da suke bin masu saye kuma 250,000, sai dai 50,000 daga ciki yana hannun mutanen da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, don haka aka ware shi gefe. Jimillar abin da za a iya dogara da shi ta zama 1,050,000. Dillalan da suke ba su kaya suna bin su 300,000, abin da ya rage ke nan 750,000, kason mai fita kuma 300,000. Ya ji zafin haka ƙwarai, ban kuma ga laifinsa ba, amma da an ba shi abin da ya nema, da abokinsa ne kaɗai ya ɗauki asarar da suka yi tare. A ƙarshe an rubuta cewa idan 50,000 ɗin nan ya dawo, 20,000 nasa ne.

Saboda haka nake ba mai rubuta irin wannan wasiƙa shawara kada ya ambaci adadi. Ya fi masa ya ce: "Ina neman a ƙirga kaya da kuɗi da basussuka a gabanmu duka a ranar da zan fita, a biya ni kasona daga abin da lissafi ya nuna." Ya kuma faɗi farashin da za a yi wa kaya ƙima da shi, domin wanda zai fita yakan so farashin sayarwa, wanda zai zauna kuwa yana kallon kayan da suka yi kwantai. Farashin sari ne adalci a ganina, tare da rage ƙimar abin da ya lalace.

Batun bashi ya fi wannan haɗari. A dokokin ƙasashe da dama, fita ba ta sauke wa mutum bashin da aka ci yana ciki. Ko da abokinsa ya sa hannu cewa ya ɗauki nauyin biya, wannan alkawari tsakaninsu ne, mai bin bashi yana iya zuwa ƙofar wanda ya fita, sai fa idan shi mai bin bashin ma ya amince cewa ya sake shi. Haka nan dillalin da ba a sanar da shi ba, idan ya ci gaba da ba da kaya bisa zaton tsohon abokin yana nan, yana iya neman kuɗinsa a wurinsa. Don haka wasiƙar ta ƙunshi jerin masu bin bashi da abin da kowa yake bi, ta kuma nemi a aika musu da banki sanarwa, a cire sunan mai fita daga masu sa hannu a asusu.

Ranar fita kuwa, a fara duba yarjejeniyar farko ko ta yanke wa'adin sanarwa. Idan ba ta yanke ba, na fi son a zaɓi ƙarshen wata, a bar tazarar da za ta isa a karɓo basussuka, a kuma kauce wa lokacin da aka zuba kuɗi duka a sabon kaya. Dole ranar fita ta zama ita ce ranar ƙirga, domin idan suka bambanta ko da da mako biyu ne, cinikin da aka yi a tsakani zai zama abin jayayya. Ranar biya ita ce za a iya jinkirtawa. Su waɗancan abokai da 150,000 kawai suke da shi a hannu, ga dillalai suna jira, sun amince a biya 300,000 ɗin a kashi uku, 100,000 a ƙarshen kowane wata, aka rubuta ranakun a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu.