Laraba: katin da ya ci jarrabawar lissafi alhali lambarsa ba daidai ba

Yau wuni guda na yi a kan layukan nan uku da ke ƙasan bayan katin shaida, waɗanda ake kira MRZ. Wakilanmu da ke yi wa mutane rajistar buɗe asusu a kasuwar Wuse da Nyanya suna ɗaukar hoton kati da waya, gaba da baya, manhajarmu kuma ta mayar da hoton zuwa gurabe masu suna: sunan mahaifi, suna, ranar haihuwa, jinsi, lambar kati, ranar ƙarewa. Da safe aka dawo mana da wata rajista, wai lambar katin da muka ajiye ba ta dace da ta jikin katin ba, alhali manhajar ta sa mata koren tambari.

Na fara bin matakan daga tushe. Hoton waya ba ya zuwa a miƙe, kullum a karkace yake, sau da yawa ga yatsan wakili a gefe. Don haka muna neman kusurwoyi huɗu na katin, mu miƙar da shi da `warpPerspective` na OpenCV zuwa siffarsa ta gaskiya, kusan milimita 86 a kan 54. Daga nan a yanko ƙasan katin a ba Tesseract, mai karanta rubutu daga hoto, tare da gaya masa cewa haruffan A zuwa Z da lambobi 0 zuwa 9 da alamar `<` kaɗai ke wurin. Duk wannan ya tafi lafiya. Layi uku, kowanne gurbi 30 cif, kamar yadda ƙa'ida mai lamba 9303 ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta tsara wa kati mai wannan girman. Fasfo kuwa layi biyu ne masu gurbi 44.

Abin da nake so game da MRZ shi ne ba a neman ma'ana, ƙirga gurbi ake yi. A layin farko, gurbi na 6 zuwa na 14 lambar kati ce, na 15 kuma lambar tantancewarta, wadda ake fitarwa ta lissafi daga lambar katin don kama kuskure. A layi na biyu, shida na farko ranar haihuwa ce, shekara, wata, rana, sai lambar tantancewa, sai jinsi, sai ranar ƙarewa da tata lambar, sai ƙasa, kamar `NGA`. Layi na uku suna ne kawai.

'Yar bautar ƙasar da ke aiki tare da ni ta ce, "Yaya, to ai lissafin ya fita daidai, ta ina kuskure zai shigo?" Na ce ta jawo kujera mu yi shi da biro. Ana ninka kowane gurbi da 7, 3, 1, a sake 7, 3, 1 har ƙarshe, a tara, a ɗauki lambar ƙarshe ta jimlar. Muka gwada da ranar 12 ga Maris 1985, wato `850312`. Ya ba mu 56, 15, 0, 21, 3, 2, jimla 97, lambar tantancewa 7. Na ce ta ɗauka hasken filashi ya sa na'ura ta karanta 3 a matsayin 8. Jimla ta koma 132, ƙarshenta 2, bai dace da 7 ba, an kama kuskuren nan take. A kan ranaku, wannan lissafi amintacce ne ƙwarai.

Matsalar tana wurin da haruffa suka gauraya da lambobi. Harafi ma yana da ƙima: A goma ne, B sha ɗaya, haka har Z talatin da biyar, alamar `<` kuma sifili.

```python
def tantance(s):
    w = (7, 3, 1)
    return sum((0 if c == "<" else int(c, 36)) * w[i % 3]
               for i, c in enumerate(s)) % 10
```

G sha shida ne. Tazarar da ke tsakaninsa da 6 goma ce, kuma tunda lambar ƙarshe kaɗai ake ɗauka, duk abin da ka ninka goma da shi ba zai taɓa ta ba. Ba zan rubuta lambar mai katin a nan ba, amma ga irinta da na ƙirƙira: `AG4071352` jimlarta 182, `A64071352` jimlarta 152. Duka biyun ƙarshensu 2. Abin da ya faru da katin nan ke nan. Ledar katin ta karce daidai kan G, na'ura ta ga 6, lissafi ya amince. Lambar tantancewa ta gaba ɗaya da ke ƙarshen layi na biyu ita ma ta amince, don da irin wannan lissafin ake fitar da ita.

Abin ya dame ni sosai, domin G da 6 suna cikin waɗanda na'ura ta fi rikitawa. O da sifili ana kamawa, B da 8 ana kamawa, I da 1 ma haka. Amma G da 6 suna wucewa, S da 8 ma, sannan K, wanda ƙimarsa ashirin, yana wucewa a madadin `<`. Shi kuwa `<` ya zama K abu ne da nake gani kullum a hoton da ya ɗan yi dishi-dishi.

Bayan azahar muka zauna gyara. A gurbin rana, inda lamba kaɗai ke halatta, manhaja za ta iya mayar da O sifili, G kuma 6, ba fargaba. A lambar kati ba za ta yi wannan ƙarfin hali ba. Idan akwai G, 6, S, 8 ko K a ciki, dole a gwama da lambar da aka buga a fuskar katin, wadda ake karantawa daban. Sun dace, a wuce. Sun saɓa, a tura wa mutum ya duba da idonsa. Kowane gurbi yanzu yana ɗauke da bayanin inda aka samo shi, daga MRZ ko daga fuskar kati, da ko lissafi ya rufe shi. Na cire koren tambari guda ɗaya da ke kan katin gaba ɗaya, domin yana faɗin abin da ya fi ƙarfinsa: jinsi da ƙasa da suna babu lissafin da ya shafe su ko kaɗan.

Sunan ma da nasa zancen. MRZ ba ta san ƙ, ɗ, ɓ ba, kuma ana zubar da alamar da ke tsakiyar suna irin Sa'adatu. Mai irin wannan suna za ta fito haka:

```
DANJUMA<<SAADATU<<<<<<<<<<<<<<
```

Alama biyu a jere su ke raba sunan mahaifi da na mutum, guda ɗaya kuma tana tsakanin sunaye. In suna ya fi gurbi 30, yanke shi ake yi. Saboda haka sunan da za a nuna wa mutum a takardarsa daga fuskar kati muke ɗauka, na MRZ kuma mu riƙe shi don gwamawa, bayan mun cire alamomi daga duka biyun. Ba na son wata baiwar Allah ta karɓi takarda ta ga an gutsure mata suna saboda mun bi layin da ya fi sauƙin karantawa.

Da la'asar 'yar bautar ƙasar ta tambaye ni batun shekara, tunda lamba biyu ce kawai. `26` a ranar haihuwa zai iya zama 1926 ko 2026, kuma MRZ ba ta da abin cewa a kai. Ga masu buɗe asusu, waɗanda duk manya ne, ƙa'idar cewa ranar haihuwa ba ta wuce yau tana warware mafi yawa, ragowar kuma shekara mai lamba huɗu da ke fuskar katin ce ke yanke hukunci.

Kafin na kama hanyar Kubwa na sake gudanar da tsofaffin hotunanmu a kan sabuwar dokar. Wasu katunan da a da suka wuce sun faɗo layin dubawa, na bar mata jerinsu. Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta wa wakilai su daina kunna filashi, su ajiye kati a kan abu mai duhu a inuwa, su kuma tabbata layukan ƙasa uku sun shiga hoton har gefe da gefe.