Yaro na ƙara ƙiriniya, uwa na fama da ciwon damuwa: yadda na haɗa su a ɗaki ɗaya

A asibitin da nake aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da wuya uwa ta zo ta ce ita ce ba ta da lafiya. Yaro take kawowa. Haka wata mata ta zo min da ɗanta mai shekara 4, wai ya gagari kowa: cizo, jifa da kwano, birgima a ƙasa, ga dukan ƙanwarsa da ke goye. Kakarsa ta ce rashin duka ne, maƙwabta suka ce a nemi rubutu.

Na baza musu murafun kwalba da gwangwanaye a tabarma, na ce su yi wasa ina kallo. Yaron ya gina wani abu, ya ɗago ya dubi uwar, ita kuwa idonta na kan bango. Ya sake ɗagowa, shiru. Sai ya wurga mata gwangwani, nan take ta daka masa tsawa. Ciwon damuwa ya janye ta daga gare shi, shi kuma ya gano cewa ɓarna ce kaɗai ke juyo da fuskarta, ko da da faɗa ne. Kowace tsawa tana ƙara mata jin cewa ta gaza, sai ta ƙara janyewa.

Na yi mata tambayoyin PHQ-9, ma'aunin tsananin ciwon damuwa da makinsa ke tashi daga 0 zuwa 27. Ta samu 18. Tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, na yi mata ita kai tsaye, na kuma tambaya ko ana dukanta a gida, ko ta taɓa jin za ta illata yaran. Duk ta ce a'a. Da amsar ta zama e, da tsare lafiyarsu ne zai zo gaba da komai. An duba jininta, an gwada jin yaron, sannan likita ya tabbatar ba ta taɓa shiga yanayin zumuɗi mai hana barci ba, ya ɗora ta a kan satralin, maganin ciwon damuwa, miligiram 50 a rana, wanda mai shayarwa za ta iya sha.

Maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji aikinsa, yaro kuwa ba zai jira ba. Don haka na ɗauko kashin farko na tsarin PCIT, na gyara mu'amala tsakanin iyaye da yaro, wanda Sheila Eyberg ta tsara a Amurka domin yara 'yan shekara 2 zuwa 7. Minti 5 na wasa kullum, yaro ne ke ja, uwa na bi. Ba umarni, ba tambaya, ba kushe. Tana faɗin abin da yake yi, tana maimaita maganarsa, tana yabo mai suna: "Na ji daɗi da ka ajiye shi a hankali." A can mai koyarwa yakan ɓoye bayan gilashi yana magana ta na'urar kunne. Ni a bayanta na zauna ina raɗa mata.

Yabon ne ya ba ta wahala. Ta ce, "Malama, bakina ya yi nauyi, kamar ƙarya nake yi." Ga kunyar ɗan fari, wadda ba ta barin uwa ta yabi ɗanta a gaban surukai. Sai muka fara da bayani zalla, "Kana ɗora ja a kan shuɗi," wanda ba ya bukatar fara'a, kuma a cikin ɗaki bayan la'asar, kakar na riƙe da jaririya. Horo da kafa doka na jinkirta su, domin uwar da tashi daga gado ke yi wa wuya ba za ta iya tsayawa kan doka ba, dokar da aka kafa aka janye kuwa tana koya wa yaro ya ƙara ihu.

Da ta fara kau da kai daga ƙananan rigingimu, sai kukan ya ƙaru. Na riga na gaya mata haka zai faru, shi ya sa ba ta watsar ba. Yaro yana gwada tsohuwar dabararsa da ƙarfi kafin ya sake ta, kuma wannan yakan lafa cikin kwanaki ko mako biyu, barcinsa da cinsa ba sa canzawa. Idan kuwa aka ga ya koma fitsarin kwance, ko yana firgita, ko akwai tabo a jikinsa, wannan wani abu ne daban da ke bukatar bincike. Cizo da dukan jaririya kuma ba a kau musu da kai, a ɗauke shi daga wurin nan take.

Wajen wata na uku makinta ya sauka zuwa 7, sannan muka shiga koyon ba da umarni ɗaya, gajere, da bin sa har ƙarshe. Mijin ya so ta daina shan magani tunda ta warware. Na zaunar da shi na ce, "Alhaji, sai ta ƙara aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, kuma likita ne zai rage mata a hankali." Ya amince, ya kuma karɓi wasan minti 5 na ranar Juma'a.